Tresca ko von Mises: wanne zan ɗauka wajen lissafin kaurin shaf?

Malam, ni ɗalibin injiniya ne a Birnin Kebbi. Aikina na kammala karatu injin casar shinkafa ne, kuma shaf ɗinsa na shan lanƙwasa da murɗa lokaci guda. Wani littafi ya bi Tresca, wani ya bi von Mises, amsa ta fito daban. Wanne ne daidai?

Duka biyun daidai ne, ƙanena, sai dai ɗaya ya fi ɗaya tsoro. Kowannensu ƙoƙari yake ya faɗa maka lokacin da ƙarfe zai sallama, wato ya lanƙwashe ko ya murɗe ya kasa komawa yadda yake. Lambar da muke da ita a hannu ɗaya ce tak, Sy, wadda ake samu idan an ja sandar ƙarfe a injin gwaji har ta fara miƙewar da ba ta komawa yadda take. To amma shaf ɗinka ba jansa ake yi ba. Bel na danna shi gefe guda, inji kuma na murɗa shi. Dole a sami hanyar da za a haɗa wahalhalun nan biyu su zama lamba ɗaya da za a gwada da Sy.

Henri Tresca, a 1864, ya ce ƙarfe na sallamawa ne da zarar shiya mafi girma a cikinsa ta kai rabin Sy. Shiya ita ce ƙarfin da ke sa sashe ɗaya na ƙarfe ya zame a kan ɗan'uwansa, kamar ka tura tarin takardu daga sama. Richard von Mises, a 1913, ya zo da wani ma'aunin, wanda aka fassara shi da kuzarin da ke karkatar da siffar ƙarfe ba tare da ya canja girmansa ba. A kan shaf mai zagaye marar rami, ga yadda suke fitowa. M ita ce lanƙwasa, T murɗa, d kaurin shaf; σ sitires ce, wato wahalar da lanƙwasa ke jawo wa ƙarfe, τ shiyar da murɗa ke jawowa, σe kuma lambar nan ɗaya da za a gwada da Sy:

```
σ = 32M / (πd³)
τ = 16T / (πd³)
Tresca:     σe = √(σ² + 4τ²)
von Mises:  σe = √(σ² + 3τ²)
```

Dubi layuka biyun ƙarshe da kyau. Duk gardamar tsakanin 4 da 3 ce. Idan babu murɗa, τ sifili ce, amsarsu ɗaya. Idan kuwa murɗa ce zalla, nan ne suka fi nisa da juna: Tresca ya ce ƙarfe zai sallama a 0.5 na Sy, von Mises ya ce sai 0.577, bambancin kashi 15.5 cikin ɗari ke nan. Ba ya taɓa wuce haka. Kuma da yake kauri yana shiga lissafin ne a matsayin d³, wannan kashi 15.5 ɗin idan ya sauko kan kaurin shaf bai cika kashi 5 cikin ɗari ba.

To a gwaji na zahiri, wa ƙarfe ya fi bi?

Von Mises. A 1931 Taylor da Quinney sun ja siraran bututun tagulla da alminiyom da ƙarfe mai taushi suna kuma murɗa su, sakamakon ya fi kwantawa kusa da layin von Mises. Tresca yana hasashen sallamawa da ɗan wuri, saboda haka kuskurensa a ɓangaren tsira yake faɗawa.

Ko za ka nuna mini da lambobi?

Ba ka ba ni lambobin injinka ba, don haka bari in ɗauki wasu da suka yi kama da na ƙaramin injin casa irin wanda ake gani a Argungu ko Jega. A ce ƙarfin da ke shiga shaf kilowat 11 ne, yana juyawa sau 350 a minti.

```
T = 9550 × 11 / 350 ≈ 300 N·m
```

Fuli mai faɗin milimita 400 ne, rabinsa mita 0.2. Domin a sami wannan murɗa, ɓangaren bel mai tauri dole ya fi mai sako-sako da niyuton 1,500. Idan muka ɗauka mai taurin ya ninka ɗayan sau uku, ɗaya 2,250 ne, ɗaya 750. A nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe: bambancinsu ne ke murɗa shaf, amma jimlarsu ce ke lanƙwasa shi, wato niyuton 3,000. Fulin yana rataye milimita 80 daga boris, saboda haka a daidai wurin boris M ta zama 240 N·m.

Mu ce ƙarfen yana da Sy na 300 MPa, kuma muna son ninkin tsaro n ya zama 2, wato Sy ta zama ninki biyu na σe.

```
Tresca:     d³ = 32n/(π·Sy) × √(M² + T²)       → d ≈ 29.7 mm
von Mises:  d³ = 32n/(π·Sy) × √(M² + 0.75T²)   → d ≈ 28.9 mm
```

Ka mai da M da T zuwa N·mm kafin ka sa su, in ba haka ba za ka ga shaf ɗinka ya fito kamar tsinken tsire.

Ratar ba ta kai milimita ɗaya ba. Je ka kasuwa ka nemi boris mai ramin 28.9, a yi maka dariya. Abin da za ka samu shi ne 25, 30, 35, 40, don haka hanyoyin biyu a kan 30 suke sauke ka, mai lamba 6206 ke nan. A wannan kauri σ ta kama 90.5 MPa, τ kuma 56.6. Tresca ya ba ka ninkin tsaro 2.07, von Mises 2.25. Shaf ɗaya ne, ƙarfe ɗaya ne, mai awo ne kawai ya bambanta.

Ke nan duk wanda na ga dama in ɗauka?

Kusan haka, amma ga yadda ni nake yi. Idan ban san asalin ƙarfen ba, Tresca nake ɗauka. Kai ma ka sani, yawancin sandunan da ake yin shaf da su a garejojinmu daga tsohuwar mota ko tarakta aka ciro su, ba takarda, ba lamba, mai sayarwa kuma zai rantse maka cewa ƙarfe ne mai kyau. Wanda yake cankar Sy bai kamata ya tsaya cinikin kashi takwas cikin ɗari da ke tsakanin 2.07 da 2.25 ba. Idan kuwa ƙarfen na da shaidar gwaji, an san nauyin da zai ɗauka, kuma rage nauyi ko kuɗi na da amfani, sai in bi von Mises. Haka nan idan za ka gwada lissafin hannunka da na manhajar kwamfuta, bi von Mises, domin hoton nan mai launin ja da shuɗi da suke fara nunawa galibi nasa ne. In ka lissafa ɗaya da hannu ka gwada da ɗayan a allo, za ka kwana neman kuskuren da babu shi.

Idan malaminka ko ƙa'idar da kake bi ta ambaci ɗaya, magana ta ƙare, shi za ka bi. Tsohuwar ƙa'idar shaf ta ASME, ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka, wadda har yanzu take cikin littattafan da ake karantarwa, a kan shiya mafi girma aka gina ta: ka ɗauki ƙarami tsakanin 0.3 na Sy da 0.18 na ƙarfin tsinkewa, sannan ka rage kashi 25 cikin ɗari idan akwai ramin ki, wato ramin da ake sa ɗan ƙarfen da ke kulle fuli a jikin shaf.

Hattara da abu biyu. Wannan `Te = √(M² + T²)` da kuke haddacewa, mai haɗa lanƙwasa da murɗa su zama murɗa ɗaya, Tresca ne ya sake riga, kuma τ da ta fito daga cikinsa da rabin Sy ake gwada ta. Wanda ya gwada ta da Sy cikakkiya ya ninka tsaronsa sau biyu a takarda kawai. Ita kuma `Me = ½(M + √(M² + T²))` ba ta cikin biyun nan, ta ma'aunin ja mafi girma ce, wanda ya dace da ƙarfe mai gautsi. Ƙarfen zubi ba ya sallamawa kafin ya karye, saboda haka Tresca da von Mises duk ba nasa ba ne. Ɗauki alli ka murɗa shi a hannunka: zai karye a karkace, wajen digiri 45, domin ja ne ya raba shi. Ƙarfe mai taushi da murɗa ta fi ƙarfinsa kuwa a miƙe yake yankewa, kamar an sa masa wuƙa.

In na sa milimita 30 na tsira?

A'a, kuma wannan ya fi tambayarka ta farko nauyi. Duk lissafin da muka yi na nauyin da ke tsaye ne, shaf ɗinka kuwa juyawa yake. Bel na jansa gefe ɗaya kullum, don haka kowane ɗigo a fatar shaf yana shan ja idan ya zo gefe guda, ya sha matsa idan ya koma ɗaya gefen, a kowane zagaye. A sau 350 a minti, zagaye 21,000 ke nan a awa, miliyan guda cikin awa 48 na aiki. A kakar shinkafa mako ɗaya ya isa. Haka ake karya waya da hannu: ba a fizgarta, lanƙwasa ta ake yi gaba da baya har ta gaji.

Mu koma kan lambobinmu. A ce ƙarfin tsinkewar wannan ƙarfe 500 MPa ne. Iyakar gajiyarsa a gogaggen samfurin gwaji wajen rabin haka ce, 250. Idan aka rage saboda kaushin fata da kuma kauri, sai ta sauko wajen 185. Sannan a gindin boris akwai kafaɗa, inda kauri ya canja, kuma idan an fere ta da kaifi sitires na iya ninkawa kusan sau biyu a wurin. Ka ga 90 ɗinmu ta zama 180, tana goga kafaɗa da 185 tun ba a sa murɗa a lissafi ba. Idan aka sa ta ta hanyar Goodman, wadda ke auna nauyi mai jujjuyawa da mai tsayuwa tare, ninkin tsaro ya faɗo ƙasa da 1. A milimita 40, σ ta sauko 38, ninki biyu 76, tsaron ya dawo wajen 1.8. Tresca da von Mises sun yi jayayya a kan milimita ɗaya, gajiya ta zo ta ƙara goma. A lissafin gajiyar ma, von Mises aka fi amfani da shi wajen haɗa lanƙwasa mai jujjuyawa da murɗa mai tsayuwa.

Na taɓa ganin irin wannan a wani wurin casa a gefen fadama. Shaf ya karye, aka yi sabo da ƙarfe mai ƙarfi, ya sake karyewa a wuri ɗaya, dab da boris. Mai injin ya ɗora laifin a kan mai sayar da ƙarfe. Da na ɗauki guntun na goge shi da tsumma, fiye da rabin fuskar karayar sumul take, da layuka masu lanƙwasa kamar sawun da ruwa ke bari a yashin bakin gulbi, sai ɗan wuri mai kaushi inda ya ƙarasa ɓallewa. Babu alamar murɗewa ko kaɗan. Tsaga ce ta faro daga kusurwar kafaɗa tana ci a hankali. An ɗaure bel tamau don kada ya zame, an kuma tura fuli can bakin shaf.

Me zan gyara a zanena kafin in kai wa malamina?

Matso da fuli kusa da boris iyakar yadda wuri ya bari. Daga milimita 80 zuwa 50 kawai, M ta sauko daga 240 zuwa 150, abin da sauya ma'auni ba zai taɓa ba ka ba. Rubuta a zanen cewa a zagaye gindin kafaɗa, amma kada zagayen ya fi na bakin boris girma, in ba haka ba boris ba zai zauna ba. Kada ramin ki ya kai har kafaɗa. Sannan a rahotonka ka nuna ninkin tsaro na hanyoyin biyu a layi ɗaya, ka faɗi wanda ka ɗauka da dalilinka, lissafin gajiya ya biyo baya a shafi na gaba.