Sikana ta ƙi karanta bakod a sito: laifin na'ura ne ko na sitika?

Sikanarmu sabuwa ce fil amma wasu kwalaye sai an haska sau uku sau huɗu kafin ta yi ƙara, wasu ma sam. Mu mayar da ita ne?

Kar ku yi saurin mayarwa tukuna. Ɗauko wani kaya da ya zo da bakod ɗin kamfani, haska shi. In ta karanta nan take to lafiyarta lau, sitikar da kuke bugawa ce ke da matsala, kuma galibi hakan ne.

Fara duba gefen layukan. Sikana tana buƙatar farin fili hagu da dama don ta gane inda bakod ya fara da inda ya ƙare, a nau'in bakod ɗin da ake kira Code 128 ƙa'idar ita ce filin ya kai faɗin layi mafi siriri sau 10. Kenan in siririn layinka milimita 0.5 ne, ka bar milimita 5 kowane gefe ba rubutu ba komai. Amma mai tsara sitika sai ya ga wai fili ya tafi a banza, ya matso da tambarin kamfani ko ya zagaye bakod ɗin da baƙin layi don ya yi kyau, ita kuwa sikana sai ta ɗauki wannan layin a matsayin wani ɓangare na lambar, shikenan lissafi ya rikice.

Filin yana nan, kuma a ido bugun ya fita tsaf. Sai me kuma?

To nan ne ido ke yaudarar mutum. Yawancin firintocin sitika 203 dpi ne, wato ɗigo 8 a kowace milimita, ɗigo ɗaya milimita 0.125, kuma firinta ba ta iya buga rabin ɗigo. A ce wani ya zana bakod a kwamfuta da siririn layi na milimita 0.33, ya manna shi kamar hoto. In ka lissafa ɗigo 2.64 kenan, to firinta za ta yi ta kame-kame, wani layin ta ba shi ɗigo 2 wani 3, alhali Code 128 gaba ɗayansa da faɗin layuka da na farin da ke tsakaninsu yake magana, daga ninki 1 zuwa 4 na siririn layi. Layukan da ya kamata su zo ɗaya sun bambanta, sikana ta yi ta fama. Gyaran mai sauƙi ne, zaɓi faɗin da ya faɗa daidai kan ɗigo, 0.375 ko 0.5, kuma ka bar firinta ta haɗa bakod ɗin da kanta maimakon hoto. Jan hoton da linzami don ya shige sitika kuwa, wallahi ba abin da ya kai shi ɓata aiki.

Duba kuma ko akwai farin zare siriri da ke bin tsawon sitika a wuri ɗaya kullum. Kan firinta ne ya yi datti ko ɗigo ɗaya ya mutu, in zaren ya bi ta cikin baƙin layi ya rage masa faɗi kenan daga sama har ƙasa. A goge kan, in bai tafi ba a canza shi.

Kala fa, tana da tasiri?

Sosai. Hasken sikanar leza ja ne, jan layi a kan fari ɓacewa yake yi a idonta. Baƙi kan fari ya fi. Sannan ledar da ake naɗe kaya da ita tana mayar da haske, gara a liƙa sitika a kan ledar, in kuma tana ciki ka ɗan karkata hannu kar ka haska ta kai tsaye. Sitikar da ake bugawa da zafi ba ribon ita ma tana dushewa ko ta yi duhu in ta sha rana, ba ta dace da kayan da za su daɗe a ajiye ba.

Me zai hana mu yi amfani da waya kawai?

Za ta yi in kayan ba yawa. Amma kamarar waya sai ta tsaya ta saita kanta, a lungu mai duhu ko kan kanta mai tsayi za ta ɓata maka lokaci. Babban haɗarin ma, wanda ya shafi duk sikana mai kamara, shi ne sitika mai bakod biyu ko uku a manne da juna, lambar kaya a sama, lambar oda a ƙasa. Na'ura ta yi ƙara ma'aikaci ya wuce, ashe ta ƙasan ta ɗauka, ba za a gane ba sai ranar ƙidayar kaya lissafi ya ƙi haɗuwa. A raba su da tazara, a rubuta sunan kowanne a kusa da shi, manhajar kuma a saita ta ta ƙi karɓar lambar da tsawonta bai dace da gurbin da ake cikewa ba.