Tauraro ba ya haɗiye duk gajimaren da ya haife shi

Da yawa sun ɗauka wai in gajimaren iskar gas na can sararin samaniya ya rufta ciki, duk abin da ke cikinsa ne ke dunƙulewa ya zama tauraro ɗaya, wato babban gajimare sai babban tauraro. Gaskiya ba haka abin yake ba.

Gajimaren nan sanyi gare shi sosai, wajen digiri 260 ƙasa da sifili, shi ya sa ma ƙarfin janyowa, wanda ke jan abubuwa zuwa ga juna, ke iya rinjayar gas ɗin, to amma in ya fara ruftawa ba ya tafiya a dunƙule, farfashewa yake gutsi-gutsi kowane gutsure da nasa tauraron, kamar yadda ake gani a gajimaren Oriyon inda ɗaruruwa suka fito a wuri guda.

Ko cikin gutsure ɗayan ma ba duka ake cinyewa ba fa. Gas ɗin yana juyawa, sai ya baje kamar faifai kewaye da jaririn tauraron, daga nan yake zuba ciki a hankali, a lokaci guda kuma tauraron yana feso wani ɓangare waje ta sama da ta ƙasa da mugun gudu, wannan feshin ke kore sauran gas ɗin har abinci ya yanke masa. Inda ya tsaya nan nauyinsa ya tsaya, galibi wajen kashi ɗaya cikin uku na gutsuren.

In abin da ya tara bai kai kashi 8 cikin 100 na nauyin rana ba, cikinsa ba zai yi zafin ƙona haidirojin, gas ɗin da ke zame wa taurari makamashi, ba, bai ma zama cikakken tauraro ba kenan.