Yadda bidiyon tafiya yake zama labari

Na ɗauko bidiyon Dutsen Dala, Kurmi da Ƙofar Mata a Kano, hoto tangaran, amma masu kallo suna watsewa tun minti na biyu. Ina matsalar?

Ba ka ba su abin jira ba. Kafin ka kama hanya, rubuta buƙata ɗaya da tafiyar za ta biya, wadda kuma za ta iya ƙin biyuwa. Misali: ka sayi farin yadi a Kurmi da safe, kana so a rina shi a marinar Ƙofar Mata, a buge shi, ka sa shi a jikinka a kan Dala kafin magariba. Wuraren ba su canza ba, amma yanzu kowanne yana da aiki, rana kuma tana tafiya.

A bidiyon minti 8, faɗi buƙatar cikin daƙiƙa 15 na farko, yadin yana hannunka. Gaisuwa ta biyo baya. Ka ba Kurmi minti ɗaya da rabi, cinikin kawai. Marina ta ci kusan minti 4, don nan cikas yake: marini yana tsoma yadi yana ɗagawa ya sha iska, sau da yawa, kuma shuɗi mai duhu sai an ɗauki sa'o'i. Matso da kyamara lokacin da yadin ya fito kore-kore, iska ta mayar da shi shuɗi, ga hannun marinin da baba ya kama. Sauran lokacin na bugu ne da hawan dutse.

Yaya zan rubuta abin da bai faru ba tukuna?

Sau biyu ake rubutawa. Na farko a gida: raba takarda gida biyu, hagu abin da za a gani, dama abin da za a ji, da tambayoyi biyu ko uku da za ka yi wa marinin. Na biyu bayan ka kalli duk abin da ka ɗauko, sannan ka rubuta maganar da za ka ɗora a kai. Karanta tsarin da ƙarfi. Duk inda "daga nan sai" ne kaɗai ya haɗa fitowa biyu, jeri ne, ba labari ba. Nemi "amma" ko "saboda haka". Wurin da ya ƙi karɓar ko ɗaya, cire shi, ko gidan makama ne.

In yadin bai bushe ba har dare fa?

Ka samu ƙarshenka ke nan. Ɗauki fuskarka a lokacin, da jiƙaƙƙen yadin, da abin da marinin ya ce. Kada ka dawo washegari ka shirya na ƙarya. Bambancin haske zai tona ka.

Ta ina zan gane inda bidiyon ya yi sanyi?

Duba layin riƙon masu kallo a YouTube Studio. Inda ya gangara da sauri, yawanci ka daɗe kana zuba tarihi ba ka nuna yadin ba. Gutsura tarihin, ka sa shi a bakin marinin yana cikin aiki.