Goge bayanin wuri daga cikin hoto

Goge bayanin wuri daga hoto shi ne cire lambobin taswira da waya ko kyamara ke ajiyewa cikin fayil ɗin hoto a lokacin ɗauka, kafin a sa hoton inda kowa zai iya sauke shi. Lambobin ba sa fitowa a fuskar hoton. Suna zaune ne a wani sashe na fayil ɗin mai suna Exif, tsarin da masana'antun lantarki na Japan suka fito da shi a 1995. A nan ake rubuta ranar ɗauka da sa'a da samfurin waya, idan kuma an bai wa kyamara izinin sanin wuri, a haɗa da abin da GPS ya nuna.

Abin da lambobin ke tonawa

Ana rubuta wuri da digiri da minti da daƙiƙa, a gurabe biyu masu suna GPSLatitude da GPSLongitude. Zariya tana wajen digiri 11 arewa da digiri 7 da minti arba'in da 'yan kai gabas, wannan kuwa ba sirri ba ne. Matsalar tana cikin ƙananan lambobin ƙarshe. Daƙiƙa ɗaya ta taswira daidai take da kimanin mita 31 a ƙasa, waya kuma takan rubuta har ɓangaren daƙiƙa. A tsakar gida, inda sama take a buɗe, kuskuren waya yakan tsaya a 'yan mitoci, wato abin da ya isa a bambanta gida da na maƙwabci.

A ƙaddara wata mata a Tudun Wada tana sayar da atamfa da leshi daga cikin gida. Ta shimfiɗa kaya a tabarma ta ɗauka, ta tura wa ɗan yayarta ya sa mata a shafin talla. Idan fayil ɗin na ɗauke da lambobi irin 11° 5′ 24.6″ arewa da 7° 43′ 10.2″ gabas (na misali ne), duk wanda ya sauke shi zai raba mintin da 60, daƙiƙar da 3600, ya tara, ya sami 11.09017 da 7.71950. Manhajar duba hoto ma kan yi masa lissafin. Yana zuba su a taswira, sai ga rufin gidan. Matar da ba ta fita, wadda ko lambar wayarta ba ta bayar ba, ta nuna wa baƙo inda take kwana da inda jarinta yake. Irin wannan ya faru a fili a Disamba 2012, lokacin da mujallar Vice ta wallafa hoton John McAfee, wanda ya kafa kamfanin tsaron kwamfuta na McAfee, yana gudun hukumomin Belize, lambobin cikin hoton suka nuna yana Guatemala.

Hanyar da hoto ya bi

Facebook da Instagram da X kan cire Exif daga kwafin da suke nuna wa jama'a, WhatsApp ma haka idan an tura hoto a matsayin hoto. Wannan ya sa mutane da yawa suka saki jiki. Sai dai, ban da WhatsApp, fayil ɗin na iya isa wurin kamfanin kafin a tace shi, sannan ba kowace hanya ce ke tacewa ba. Imel ba ya cire komai. Mahaɗar Google Drive tana bayar da fayil yadda aka ɗora shi. Ƙananan shafukan ƙungiyoyi da na 'yan kasuwa sau da yawa suna ajiye hoto da duk abin da ya zo da shi.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne tura hoto ta WhatsApp a matsayin Document. Masu sana'a suna son wannan hanya don hoto ba ya dusashewa, zaren leshi ya fito ɗaya bayan ɗaya. Dalilin da ya sa bai dusashe ba shi ne ba a taɓa fayil ɗin ba, don haka lambobin wuri ma suna nan daram. Da matar Tudun Wada ta tura ta hanyar da aka saba, da an tace. Neman inganci ne ya kai adireshinta hannun ɗan yayarta, daga nan zuwa shafin.

Yadda ake gogewa

Mafi sauƙi shi ne hana kyamara rubutawa tun farko. A iPhone ana shiga Settings, sai Privacy & Security, sai Location Services, a zaɓi Camera a sa Never. A wayoyin Android maɓallin yana cikin saitin kyamara: Samsung na kiransa Location tags, a Tecno da Infinix kuwa sunan kan sauya daga samfuri zuwa samfuri, amma ana iya janye izinin Location daga kyamarar a saitin manhajoji. Wannan bai shafi tsofaffin hotuna ba, sai waɗanda za a ɗauka nan gaba.

Tsohon hoto kuwa, tun daga iOS 13 na 2019 mai iPhone na iya danna Options a saman allon turawa ya kashe Location, kwafin da ya fita ya tafi babu wuri, na cikin waya ya zauna yadda yake. A Windows ana danna dama kan fayil, a shiga Properties, sai Details, sai Remove Properties and Personal Information. Google Photos yakan ruɗi mutane: yana barin a cire wurin da aka sa da hannu ko wanda ya ƙiyasta, amma ba wanda kyamara ta rubuta cikin fayil ba.

Masu hotuna da yawa kan yi amfani da ExifTool, manhajar da Phil Harvey ya fara fitarwa a 2003:

```
exiftool -all= hoto.jpg
exiftool -a -G1 "-gps*" hoto.jpg
```

Layin farko yana share dukkan bayanan, na biyu yana bincikawa. Idan bai nuna ko gurbi ɗaya ba, an goge. Share duka ya fi share GPS kaɗai, domin manhajojin gyaran hoto kan sake rubuta wuri a wani sashe daban mai suna XMP. Abu biyu kan biyo baya. Hoto na iya kwantawa a gefe, saboda alamar da ke faɗin inda sama take ita ma cikin Exif take, sai a juya shi a sake ajiyewa. Sannan manhajar tana barin tsohon fayil da sunan hoto.jpg_original a cikin jakar da hoton yake. Wanda ya kwashi jakar gaba ɗaya ya ɗora, ya yi aikin baban giwa.

Ɗaukar hoton allo ma yana aiki, tun da sabon fayil ne da bai gaji lambobin ba, sai dai girman hoton yana komawa na allon waya.

Iyakar aikin

Bidiyo yana ajiye wuri a nasa tsarin, sai an duba shi daban. Manhajojin da ke buga adireshi a fuskar hoto, irin waɗanda ma'aikatan fili ke amfani da su don shaidar sun je wurin aiki, babu gogewar da ke taɓa rubutunsu sai an yanke gefen. Abin da ido ke gani kuma yana nan: ɗan Zariya da ya hango Ƙofar Doka ko dogon ginin majalisar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a bayan mutum ba ya bukatar wata lamba, haka allon makarantar Islamiyya ko hasumiyar masallacin unguwa da ta leƙo ta saman katanga.