Sanarwar gwaji da allura a wurin aiki: abin da doka ta ce a kiyaye

Ɗauki wannan sanarwa da aka manna a allon wani ofis: "Dole ne kowane ma'aikaci ya halarci gwajin jini ranar Talata. Wanda bai zo ba zai amsa tambaya. Za a miƙa sakamako ga sashen kula da ma'aikata." Mai rubutun alheri ya nufa, so yake a yi gwajin ciwon hanta nau'in B a kuma yi wa mutane allurar rigakafi. Amma ya taka doka har sau uku.

Farko dai bai faɗi abin da za a gwada ba. "Gwajin jini" kawai, wasu za su ɗauka na ƙanjamau ne, su ƙi zuwa. Suna da hujja kuwa, domin dokar hana wariya ga masu cutar ƙanjamau ta 2014 ta hana a ɗora samun aiki a kan wannan gwaji, ta kuma ce sai da yardar mutum. Saboda haka a ambaci sunan gwajin ƙarara.

Sai "dole" da "zai amsa tambaya". Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, kuma yardar da take nufi ita ce wadda mutum ya bayar don ra'in kansa. Wanda ya miƙa hannu don tsoron takardar tuhuma bai yarda ba, an dai murɗe shi. Shiru ma ba yarda ba ne a wannan doka, don haka "wanda bai ce a'a ba mun sa sunansa" ba ta ɗorewa.

Layin ƙarshe ya fi muni. Sashe na 26 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ya ce bayanin lafiyar mutum sirri ne. Sakamako tsakanin ma'aikaci ne da jami'in lafiya. In shugabanni na son wani abu, a ba su adadin waɗanda suka zo. Kowa ya san ofis: sakamako ya shiga fayil da safe, kafin azahar an daina cin abinci kwano ɗaya da mutum.

Ga yadda za a gyara ta: "Ana gayyatar ma'aikata gwajin ciwon hanta nau'in B ranar Talata, ƙarfe 10 zuwa 2, a ɗakin taro. Kyauta ne, kuma ganin dama ne. Wanda bai zo ba babu abin da zai shafi aikinsa. Jami'in lafiya zai ba kowa sakamakonsa a keɓe. Wanda ba ya ɗauke da cutar za a yi masa allura idan yana so."

A ƙara layi guda: allurar sau uku ce, ta biyu bayan wata 1, ta uku wata 6 bayan ta farko. A rubuta ranakun tun yanzu, don wanda ba a gaya wa ba zai karɓi ɗaya ya ɗauka ya gama.