Waiwaye: Yadda na'ura ta koyi karanta rubutun hannu, da inda har yau take tuntuɓe

Sa'ad da kamfanin Apple ya sa Scribble a kan iPad a shekarar 2020, mutum ya samu damar ɗora alƙalami a kowane gurbin rubutu ya rubuta da hannunsa, na'ura ta mayar da shi bugaggun haruffa. Da yawa sun ɗauka sabon abu ne. Alhali kuwa an fi shekara hamsin ana fama da wannan aiki, kuma tambayar da ta yi ta dawowa guda ce: tsakanin mai rubutu da na'ura, wa zai bi wani?

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a san abin da allon yake gani. Ba hoton harafi yake ɗauka ba. Daga lokacin da bakin alƙalami ya taɓa gilashi har ya ɗaga, allon yana rubuta inda bakin yake a jere, ɗigo bayan ɗigo, fiye da sau 100 a daƙiƙa guda, a wasu na'urorin zamani har sau 240. Saboda haka manhaja ta san inda aka fara layi, ta ina ya bi, da kuma wanne aka riga ja. Wannan ya sa aikinta ya fi na mai karanta hoton takarda sauƙi. Amma nan ma matsala take ɓoye, domin mutum biyu suna iya fitar da harafi iri ɗaya a ido, alhali ɗaya daga sama ya faro, ɗayan daga ƙasa.

Tun a 1957 Tom Dimond na cibiyar binciken Bell a Amurka ya nuna wata na'ura mai suna Stylator da ke gane abin da aka rubuta da sandar ƙarfe. Sai dai aikin da ya kafa tushe shi ne na cibiyar RAND a Kalifoniya, wadda ta ƙera allonta a 1964. A 1966 Gabriel Groner ya bayyana manhajar da ke karanta abin da aka rubuta a kansa: tana goge rawar hannu, ta rage ɗigon da suka yi cunkoso, sannan ta duba ko layin ya nufi sama, ƙasa, hagu ko dama, da inda ya yi kwana. Haruffa rarrabe kawai take ganewa, kuma sai da babbar kwamfuta a bayanta. An ɗauki fiye da shekara ashirin kafin irin wannan aiki ya shiga abin da za a riƙe a hannu, wato kwamfutar GRiDPad ta 1989, sai manhajar PenPoint a 1991 da ta Windows for Pen Computing a 1992. Babu wanda ya yi kasuwar kirki a wurin gama-garin mutane.

Darasin da ya fi kowanne tsada shi ne na Newton MessagePad, ɗan allon hannu wanda Apple ya fitar a watan Agustan 1993 a kan dala 700 ko kusa da haka. Manhajar gane rubutunsa daga kamfanin ParaGraph na birnin Mosko ta fito, kuma alƙawarinta babba ne: rubuta yadda ka saba, ko da haɗaɗɗen rubutu ne, za a karanta. Dabararta ita ce ta ɗauki kalma ɗungurungum ta nemo mafi kama da ita a ƙamus ɗin da ke cikinta. In kalmar tana ciki, lafiya lau. In kuwa sunan mutum ne ko na gari, ko taƙaitaccen rubutu irin na ma'aikata, sai ta miƙo wata kalma ingantacciya wadda ba ta da alaƙa da abin da aka rubuta. Kuskuren harafi ɗaya mai karatu yana iya gyara shi a ransa. Amma in aka musanya kalma gaba ɗaya, ma'ana ta tafi ke nan. Jaridun Amurka suka mayar da abin na barkwanci. Daga baya Apple ya ƙara tasa manhajar mai gane rarraben haruffa, wadda ta fi ta farko nesa ba kusa ba, amma sunan ya riga ya ɓaci, aka dakatar da Newton a Fabrairun 1998.

Jeff Hawkins, wanda ya yi aikin GRiDPad, ya juya tambayar. Maimakon na'ura ta koyi hannun kowa, kowa ya koyi hannu ɗaya. Haka aka samu Graffiti, wanda ya yi tashe da fitowar na'urar aljihu ta Pilot ta kamfanin Palm a 1996. Kusan kowane harafi da ja ɗaya ake yin sa ba tare da ɗaga alƙalami ba. Harafin A, alal misali, kamar V ne a kife, babu sandar tsakiya. Ana rubuta haruffan ɗaya a kan ɗaya a wani ɗan fili a ƙasan allo, baƙaƙe a hagu, lambobi a dama. Dubi abin da wannan ya kashe. Na'ura ba ta sake tambayar inda harafi ya ƙare wani ya fara ba, tunda ɗaga alƙalami shi ne iyaka. Ba ta rikita O da sifili, tunda gurabensu daban. Ba ta kuma buƙatar ƙamus, don haka ko Hausa ka rubuta ba za ta canza maka kalma ba. Farashin da aka biya shi ne wannan ba rubutun hannunka ba ne kuma, wani abacada ne ka haddace. Kamfanin Xerox ya kai ƙara a 1997 cewa an shiga haƙƙin ƙirƙirarsa mai suna Unistrokes, a 2003 Palm ya koma Graffiti 2, a 2006 kuma ya biya dala miliyan 22.5 aka rufe shari'ar.

Microsoft ya zo da wata hikimar a Nuwamban 2002 da Windows XP Tablet PC Edition, kuma a ganina ita ce ta fi daɗewa tana amfani: a bar tawada a matsayin tawada. Ka rubuta a manhajarsa ta Windows Journal, rubutunka ya zauna yadda yake, manhaja ta yi hasashenta a ɓoye don in ka nemi kalma ta nuna maka shafin. Kuskurenta a nan ba ya ɓata komai, domin asalin rubutun yana nan. Bayan haka alƙalami ya ja baya da zuwan iPhone a 2007 da iPad a 2010, kafin ya dawo ta hanyar Galaxy Note a 2011, Surface Pro a 2013 da Apple Pencil a 2015. A tsakanin nan cikin manhajar ya sauya. An daina rubuta mata dokokin kwana da lanƙwasa da hannu, aka koma horar da ita da ɗimbin samfuran rubutun mutane, har ta iya karanta layi guda ba tare da ta fara yanka shi harafi-harafi ba. Da Google ya fitar da manhajarsa ta rubutun hannu a 2015, harsuna 82 ta zo da su.

To me ya sa har yanzu ba ta ture madannai ba? Da farko dai hannu ne. Babban mutum da ke rubutu mai karantuwa da wuya ya wuce kalma 25 zuwa 30 a minti. Binciken da masana na jami'o'in Aalto da Kambirij suka wallafa a 2018, a kan mutum kusan 168,000, ya samu matsakaicin gudun bugu a madannan kwamfuta kalma 52 a minti. Wani makamancinsa na 2019 ya samu kusan 36 a kan waya. Ko da manhaja ba ta kuskure ko ɗaya, ba za ta fi hannun da ke ba ta aiki sauri ba.

Na biyu, lissafin kuskure yana ruɗin mutane. A ce manhaja tana gane kashi 97 cikin ɗari na haruffa. Kalma mai harafi biyar sai duk biyar ɗin sun fita daidai, wato a ninka 0.97 da kansa har sau biyar, a samu kusan 0.86. Ma'ana, kalma ɗaya cikin bakwai za ta zo da aibi. A rahoto mai kalma 300, gyara kusan 42 ke nan. Kowane gyara kuwa a Scribble sai ka tsaya, ka karce kalmar ta goge, ka sake rubutawa, ka duba. In ya ci daƙiƙa biyar, minti uku da rabi sun tafi a kan minti 12 da rubutun ya ci a gudun kalma 25. Wannan ne ya sa manhajoji ba su rabu da ƙamus da hasashen kalma ba, domin shi ke rufe yawancin waɗannan kurakurai.

Nan ne ciwon Newton yake dawowa ga mai rubuta Hausa. Manhaja ba za ta iya fitar da harafin da ba ya cikin jerin da aka horar da ita a kai ba. In an saita ta a Turanci, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ a wurinta rawar hannu ce kawai, sai ta zubar da ita ko ta ba ka wani harafi mai kama. Ka rubuta ƙasa ta ba ka kasa, ka rubuta ɗaka ta ba ka daka. Sannan ƙamus ɗin zai riƙa jan kalmominka zuwa na Turanci masu kama da su. Akwai hanyar gane wanne ne ke damunka. Rubuta jimla ɗaya ta Turanci da ɗaya ta Hausa da hannu iri ɗaya. In ta Turancin ta fita tsaf ta Hausar ta watse, laifin ba na hannunka ba ne, harshen da aka saita ne, kuma gyara rubutu ba zai yi magani ba. Scribble ma da Turanci da Sinanci kaɗai ya fara a 2020, don haka kafin a sayi na'ura saboda wannan aiki, a buɗe jerin harsunan rubutun hannu a duba, domin jerin daban yake da na madannai.

In kuwa duka jimlolin biyu suka lalace, sai a duba hannu. Abin da ya fi jawo haka shi ne layin da ake dawowa a ƙarasa daga baya, kamar ɗigon i da sandar t. Manhaja takan jira ɗan lokaci bayan ka ɗaga alƙalami, in ka yi jinkirin sa ɗigon, ta riga ta yanke hukunci, sai ɗigon ya zama aya a tsakiyar kalma. Mai rubutun ajami ya fi kowa sanin nauyin wannan, tunda ɗigo ne ke raba ba da ta da nun. Tazara ma tana da nata: in gibin da ke tsakanin kalmomi bai fi na tsakanin haruffa a fili ba, za ta manne biyu ko ta raba ɗaya. Gilashi kuma yana da santsi, haruffa sukan fi na takarda girma da karkata, shi ya sa wasu ke manna wa allon leda mai ɗan kaushi, ko da yake tana cinye bakin alƙalami da wuri.

Inda babu kalmomin da ke kewaye da za su taimaka wa hasashe, kamar lambar asusun banki, adireshin imel ko sunan magani da adadinsa, 1 da l da I kusan abu ɗaya ne a wurinta, haka 0 da O, haka 5 da S. Irin waɗannan a buga su da madannai, ko kuma a karanta abin da ta fitar harafi-harafi kafin a aika.