Imel na neman aikin rubuta manhaja: wane aiki za a nuna, me za a ce a kansa?

"Ina da ayyuka 11 a GitHub, kuma ina shirin aika imel na neman aiki. In jera su duka ne?"

A'a, biyu ko uku sun wadatar, kuma ɗaya ne kawai daga ciki za ka yi wa bayani. Wanda zai karanta saƙon yana da wasu da yawa a gabansa, kuma idan ka bar masa zaɓi, zai iya faɗawa kan aikin da ka kwaikwaya daga darasi shekara biyu da suka wuce, ya auna ka da shi. Ka ba da adireshin da ke kai mutum kai tsaye cikin ma'ajiyar aikin, kamar `github.com/sunanka/adashi`, maimakon shafinka na gaba ɗaya. GitHub yana ba da damar kafe ma'ajiya har 6 a saman shafin mutum, saboda haka ka kafe waɗanda ka ambata.

"Yaya zan bayyana aikin wata huɗu a jimla biyu?"

Ta hanyar raba wa jimlolin aiki. Ta farko ta faɗi abin da manhajar ke yi da wanda take yi wa, ta yadda ko wanda bai taɓa rubuta kod ba zai gane, domin sau da yawa jami'in ɗaukar ma'aikata ne ke fara buɗe saƙon. Ta biyu kuwa ta injiniyan da za a miƙa wa saƙon ce: matsalar da ta fi ba ka wuya, da shawarar da ka yanke a kanta.

Mu ɗauka ka rubuta manhajar adashi. Yawancin masu nema za su ce: "Na ƙirƙiri manhaja ta zamani da Kotlin da SQLite da Django." Wannan jerin kayan aiki ne kawai, kamar tela ya ce yana da keke da almakashi bai nuna riga ba. Ga wanda ya fi:

"Adashi manhajar Android ce da uwar adashi ke rubuta zubin kowa a cikinta, ta kuma ga wanda kwasa ta zo kansa. Da yake sabis yakan ɗauke a cikin kasuwa, na sa ta adana zubi a SQLite a kan waya, ta tura wa sabar Django idan sabis ya dawo, kuma kowane zubi na da lambarsa ta daban domin kada a ƙirga shi sau biyu idan turawa ta katse aka maimaita."

Sunayen kayan aikin suna nan, amma kowanne ya zo da dalilinsa. A ganina ƙarshen jimla ta biyu shi ne ya fi komai daraja, domin ya nuna ka hango inda kuɗin mutane za su iya rikicewa, kuma ya ba mai tantancewa abin da zai tambaye ka ranar ganawa. Idan da Turanci za ka aika, tsarin bai canja ba. Idan kuma aikin na haɗin gwiwa ne, ka faɗi ɓangaren da ya fito daga hannunka, domin tarihin ma'ajiyar yana nuna wanda ya rubuta me.

"Me zan duba kafin in aika?"

Ka fara buɗe kowane adireshi a burauzar da ba ka shiga asusunka a cikinta ba. Ma'ajiyar da ke `Private` takan buɗe maka lafiya lau, amma baƙo shafin `404` zai gani, kuma da wuya ya rubuto ya sanar da kai. Sannan ka sauko da aikin cikin sabon wuri kamar yadda baƙo zai yi:

```
git clone https://github.com/sunanka/adashi.git
```

Ka bi umarnin da ke cikin `README.md` ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ka tsaya kana tuno wani mataki da ba a rubuta ba, nan baƙon zai maƙale, sai ka ƙara shi, tare da hoton manhajar tana aiki. Ka kuma tabbatar babu fayil ɗin `.env` mai ɗauke da mabuɗan sirri a ciki. Idan ya taɓa shiga, goge shi da sanya sunansa a `.gitignore` ba su isa ba, tunda yana nan cikin tarihi. Dole ka soke mabuɗin ka karɓi sabo.

"A ina jimlolin za su zauna a cikin saƙon?"

Bayan gaisuwa da layi ɗaya mai faɗin gurbin da kake nema da inda ka ga sanarwarsa. Adireshin ma'ajiyar ya biyo su nan take a layinsa shi kaɗai, sauran ma'ajiyoyin su zo a ƙasansa tare da 'yan kalmomi kowacce, takardar tarihin aikinka kuma ka maƙala ta a matsayin PDF mai ɗauke da sunanka.